Tablon shiga da fitar kuɗi ya ƙi daidaita, tazarar miliyan 9

Rabi: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman taimako, kwana uku ke nan ina kan abu guda. Ina riƙe da lissafin wani kamfanin sarin wake da gyaɗa nan Damagaram, wata huɗu da kama aiki. Banki ya nemi tablon shiga da fitar kuɗi na 2024, wanda ake ce wa TFT. Abin da ke hannuna bilan biyu ne, wato takardar abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa a ƙarshen shekara, da takardar riba da hasara. Ga lambobin a miliyan na sefa, 2023 da farko, sannan 2024.

Kadarorin aiki, wato motoci da magaza, bayan cire amortisma, darajar da tsufa ke ci kowace shekara: 30, 38
Kaya a magaza: 20, 29
Bashin da muke bin masu saye: 12, 17
Kuɗi a banki da kes: 9, 5
Jari da ribar da aka tara: 53, 59
Bashin banki mai dogon wa'adi: 10, 14
Bashin da masu ba mu kaya ke binmu: 8, 14
Dekuber, wato abin da banki ya bari muka ja fiye da abin da ke asusu: babu, 2

Ribar shekara 11 ce, amortisma 6. Na fara da 11, na ƙara 6, na cire 9 na kaya da 5 na masu saye, na ƙara 6 na masu ba mu kaya, na samu 9. Kadarori sun ƙaru da 8, na cire. Bashin banki ya ƙaru da 4, na ƙara. Lissafina ya ce kuɗi sun ƙaru da 5, alhali daga 9 suka sauko 5. Ina miliyan 9 suka shiga?

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, in miliyan 9 sun ɓace ai ba maganar tablo ba ce, a zaunar da mai riƙe da kes. Ni shekara ashirin ina Kasuwar Dole, kowane dare ina rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ko dala ba ta taɓa ɓace mini ba.

Rabi: Baba Alhaji, ba wanda ya ci kuɗi. Kes da takardar banki sun yi daidai da littafi. Lissafina ne bai kai inda suke ba.

Lawali: Yaya Rabi, kamar na ga guda. Jari da ribar da aka tara daga 53 suka koma 59, ƙarin 6 kawai, ga shi kuma kin ce an ci ribar 11. Biyar ɗin fa? In ba a rage jari ba, to masu kamfani sun raba riba. Shekara ta biyu nake a jami'a, wannan tarkon malaminmu yana sa shi kowace jarrabawa.

Rabi: Kai, Allah ya yi maka albarka. Na duba takardar taron masu hannun jari, an raba 5 a watan Yuni, kuma an biya. Saboda ba ta cikin takardar riba da hasara shi ya sa idona bai kai wurin ba. Yanzu lissafina sifiri ne, kuɗi kuma sun ragu da 4. Saura 4.

Sani: To an gama. Bashin banki da kika ƙara 4, cire shi, ba kuɗin kamfani ba ne. Shi ke nan kin samu ragin 4.

Malam Yusufu: Sani, a'a. Lamba ta yi kama da lamba ba ya nufin ita ce. Bashin da aka ciwo kuɗi ne da suka shigo asusu, dole su fito a tablo. Rabi, bar 4 ɗinki inda take.

Abin da ya rage kurakurai biyu ne da suka ci juna, ɗaya 6 ɗaya 2, shi ya sa kike ganin 4. Bari in fara da ƙaramin. Tablonmu na Siskohada, tsarin lissafin da kamfanoninmu ke bi, wanda ya maye gurbin tsohon tablo TAFIRE tun 1 ga Janairu 2018, ba kuɗin da ke asusu kaɗai yake kallo ba. Layin ƙarshe, ZH, kuɗin da ke hannu ne a cire ɗan bashin da banki ya bari aka ja fiye da abin da ke asusu. Ku kuna da 5, dekuber 2, saura 3. A farkon shekara 9 ne ba dekuber. Saboda haka abin da kike nema ragin 6 ne, ba 4 ba.

Babban kuwa yana wajen kadarori. Kin ce sun ƙaru da 8 sai kika ɗauka 8 aka kashe. Amma 38 ɗin nan lamba ce da amortisma ta riga ta ci. Da ba a sayi komai ba duk shekara, da 30 ta koma 24 da kanta. Tun da kin tarar da 38, tazarar da za ki bayyana 14 ce. Kin maido da amortisma a sama, daidai ne, domin ba wanda aka ƙirga wa kuɗinta. Sai kika zo ƙasa kika bar ta ta rage miki kuɗin saye, kin ci moriyarta sau biyu ke nan. Sa 14 a madadin 8 ki gani.

Rabi: Malam, na sa. Aikin yau da kullum 9, kadarori ragin 14, jari da bashi ragin 1. Jimla ragin 6. Daga 9 a cire 6 saura 3. Ya daidaita! Allah ya saka da alheri, gobe da safe zan kai banki.

Malam Yusufu: Dakata, ɗiyata, kada ki kai. Ya daidaita amma bai gyaru ba. Tablon nan, muddin kin ɗauki bambancin kowane layin bilan sau ɗaya, dole jimla ta fito, ko da kin zuba kowace lamba a ɗakin da ba nata ba. Bilan biyu masu daidaito ba za su ba ki wani abu dabam ba. Shi kuwa ma'aikacin banki ba jimla zai duba ba, ita ya riga ya gani a takardar asusunku. Layin ZB zai duba, abin da sana'ar kanta ta samar. Wannan 9 ɗin ce ban yarda da ita ba.

Amsa mini abu biyu. A takardar riba da hasara, can ƙasa, akwai wani abu a layin TN, kuɗin kadarar da aka sayar, da RO, darajar da ta rage mata a littafi? Na biyu, bashin masu ba ku kaya daga 8 zuwa 14, duk na wake da gyaɗa ne?

Rabi: TN akwai 5, RO akwai 2. Tsohuwar kamyo aka sayar wa wani mutumin Matamaye, ya biya lakadan. Na biyun bari in buɗe babban littafi.

Sani: Malam, ni a nan ban ga matsala ba. An sayar da mota, an samu riba 3, ribar tana cikin 11. Kuɗi ne na gaske suka shigo, ba kamar amortisma ba. Me ya sa za a taɓa ta?

Malam Yusufu: Rabin maganarka gaskiya ne, kuɗi sun shigo. Amma nawa suka shigo, 3 ko 5? Mutumin Matamaye 5 ya ƙirga. Ita 3 ɗin ba wanda ya taɓa riƙe ta a hannu, bambanci ne tsakanin abin da ya biya da darajar da motar ta rage da ita a littafi, wato 2. Kuma 5 ɗin ba daga sayar da wake ta zo ba. Kamfani ba ya sayar da kamyo kowace shekara. To sai a cire 3 daga riba a sama, a kai 5 cikakkiya ɗakin kadarori, layin FI. In ka bar 3 a sama kuma ka rubuta 5 a ƙasa, ka ƙirga 8 a kan motar da aka saya 5.

Layin farko na Rabi, FA, ya zama 11 a ƙara 6 a cire 3, wato 14, ba 17 ba.

Wannan kuma ya canza abin da aka saya. Motar da ta fita ta tafi da darajar 2 daga cikin kadarori. A bi shi a hankali: an fara da 30, amortisma ta ci 6 saura 24, tsohuwar mota ta fita da 2 saura 22, an ƙare da 38. Sabon abin da ya shigo 16 ne. Rabi, in na yi daidai za ki tarar da faktir na miliyan 16.

Rabi: Malam, ku dai Allah ya ƙara basira. Sabuwar kamyo ce, 16 cif. Kuma ga amsar tambayarku ta biyu: an biya 12, saura 4 sai bayan watan uku. Wanda ya riƙe littafin kafin ni ya zuba 4 ɗin a kwant 401 tare da dillalan wake. Bashin kaya na gaske daga 8 zuwa 10 ne.

Malam Yusufu: Abin da nake jin tsoro ke nan. Bashin mota gidansa 481, kuma da an sa shi can, da a bilan ma ya fito a layinsa dabam, DH, kin gan shi tun ranar farko. Da yake ya ɓuya cikin 401, sai tablonki ya ce dillalan kaya sun yi muku haƙurin miliyan 6, alhali 2 ne. Ya kuma ce kun biya kuɗin mota duka, alhali 4 ba su bar asusu ba tukuna. Kuskure guda a wuri biyu, ɗaya ya rufe ɗaya, jimla ba ta motsa ba.

Yanzu sake jerawa. Aikin yau da kullum: 14, a cire 9 na kaya, a cire 5 na masu saye, a ƙara 2. Saura 2. Kadarori: an biya 12, an karɓi 5, ragin 7. Ɗakin jari da bashi yana nan a ragin 1. Jimla ragin 6, kamar ɗazu. Amma 9 ɗinki ta koma 2.

Saura ɗan abu a ɗakin ƙarshe. Kada ki rubuta 4 kawai a bashin banki. Layin ciwo bashi dabam, FO, layin biya dabam, FQ. Bilan ba zai gaya miki wannan ba, sai kin buɗe kwant 162 ko jadawalin biyan da banki ya ba ku.

Rabi: An ciwo sabon 8 saboda motar, an biya 4 na tsohon. Takwas a cire 4 a cire rabon riba 5, ragin 1. Ya yi.

Amma gaskiya jikina ya yi sanyi. Riba 11, sana'a kuma 2 kaɗai ta kawo a hannu. Ta yaya zan gaya wa maigida?

Alhaji Mamman: Ni fa har yanzu ban gane wannan zagaye-zagayen ba. Ku fara da riba, ku ƙara, ku cire, ku maido. Me ya hana ta ɗauki littafin kes ta tara abin da masu saye suka biya, ta cire abin da aka biya dillalai da lebura da lanfo? Ai gara a bi hanyar da aka sani.

Malam Yusufu: Alhaji, hanyarku hanya ce, kuma in an yi ta daidai 2 ɗin nan za ta bayar. Ita ake ce wa ta kai tsaye. Sai dai a kamfani mai asusu biyu ko uku da kes da dubban rubuce-rubuce, tsince su aiki ne na makonni, ga fom ɗin Siskohada kuma a kan ɗaya hanyar aka gina shi. Kuma akwai abin da littafin kes ba zai faɗa muku ba. Zai ce 2 ta rage. Ba zai ce ribar tana kwance a buhuna a magaza da aljihun masu bashi ba. Ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba, doka ta bar shi da ƙaramin tsari na shiga da fita, ba a tambayarsa wannan tablo.

Alhaji Mamman: To madalla. Ni dai ku bar ni da littafina.

Hadiza: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki, tun da irin takardun nan suke zuwa teburina a banki. Rabi, kada 2 ta tsorata ki, kuma kada wani ya lallashe ki ki maido da 9. Muna kwatanta tablo da motsin asusu. In aka ce an biya mota 16 muka ga 12 ta fita, tambayoyi sun fara, kuma daga nan ba mu ƙara yarda da sauran lambobin.

Abin da ni zan karanta a naki shi ne wannan. Sana'a ta kawo 2, masu kamfani sun raba 5, an biya tsohon bashi 4. Wato rabon ribar nan ba sana'ar bana ta biya shi ba, daga ajiyar bara da dekuber ya fito. Shi zan tambayi maigidanki, ba wake ba.

Sani: Hajiya, amma a yi wa mai wake adalci. Bilan ranar 31 ga Disamba ake rufe shi, daidai lokacin da kowane ɗan sari ya juye kuɗinsa ya cika magaza bayan kaka. Da a watan Yuni aka rufe, lokacin da kaya suka fita da tsada, da kin ga kuɗi jibge. Tablon Disamba kullum zai nuna mai hatsi kamar yana cikin wahala.

Hadiza: Malam Sani, da bilan guda muke kallo da na yarda. Amma 20 ɗin bara ma a Disamba aka ƙirga ta, bayan kaka. Disamba ake kwatantawa da Disamba, lokacin shekara ya fita daga lissafi. Ƙarin 9 ɗin ko buhuna ne suka ƙaru, ko farashin saye ya tashi, ko kuma akwai kayan bara da ba su fita ba. Ukun nan ba ɗaya ba ne a wurina.

Sani: Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Wanda ya sayi sabuwar kamyo ai don ya ƙara ɗauko kaya ya saye ta. Shekarar da kasuwa ke girma dole ta ci kuɗi. Ni 2 ɗin nan ba ta nuna mini ciwo.

Hadiza: In buhuna ne suka ƙaru kuma suka fita kafin damina, ka yi gaskiya. Tablo ba zai raba mu ba, takardar ƙirgar magaza ce za ta raba mu.

Lawali: Malam Yusufu, tambaya. A aji ba daga riba aka koya mana fara FA ba, daga EBE ne, wato ribar sana'a kafin a cire amortisma da kuɗin ruwa da lanfon riba, a ƙara kuɗin ruwan da aka samu, a cire wanda aka biya, a cire lanfon riba. Wanne ne daidai? Kada in rubuta naku a jarrabawa a kayar da ni.

Malam Yusufu: Rubuta na malaminka, shi ne yadda tsarin ya shimfiɗa shi. Amma rijiya guda ce, guga biyu. Shi yana saukowa daga sama yana ɗaukar abin da ke jawo kuɗi kaɗai, amortisma da sayar da mota bai ma taɓa su ba. Ni ina hawowa daga riba ina fitar da su. Dole mu haɗu a 14. Ni nakan yi duka biyun, in ba su haɗu ba na san na manta wani abu, galibi wani tanadi da aka maido cikin riba.

Rabi: Tun da an zo nan, akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Cikin waken akwai wanda ƙwari suka taɓa, an rage darajarsa da miliyan 1 a ƙarshen shekara. 29 ɗin bayan ragin ne, asali 30. Shi ma ba kuɗi ne suka fita ba. In maido shi kamar amortisma?

Sani: Sosai. Duk abin da ba kuɗi ba a maido shi.

Malam Yusufu: In ta maido shi ta kuma bar 29, tablo zai karkace da 1. Duba: kuɗin da aka zuba a kaya na gaske ƙarin 10 ne, daga 20 zuwa 30. Riba ta riga ta ragu da 1 saboda ƙwarin. In ta yi aiki da 29, ta cire 9, ɗayan yana cikin ribar da ta ragu, an cire 10 ke nan, daidai. In tana son maido 1 a sama, sai ta yi aiki da 30 ta cire 10. Ko wanne ta bi 2 za ta samu. Haɗa su ne ba ya yiwuwa. Rabi, duba inda aka rubuta shi. In 659 ne, yana cikin kuɗaɗen da aka riga aka cire kafin EBE, bar shi, ki yi aiki da 29 yadda yake a bilan.

Rabi: 6593 ne. Na bar shi.

Sani: To a nan na karɓa. Amma dekuber ɗin nan har yanzu yana damuna. Lokacin da nake aiki a Kano na ga inda ake sa shi cikin bashi, tare da sauran abin da aka ciwo. In kamfani ya shekara yana cikin dekuber bai taɓa fita ba, ai bashi ne, ko me aka kira shi.

Malam Yusufu: Can ƙa'idar IAS 7 suke bi, ita kuma ta bar ƙofa: in dekuber yana hawa yana sauka cikin juya kuɗin yau da kullum a haɗa shi da kuɗin hannu, in ba haka ba bashi ne. A ma'ana ban ƙi maganarka ba. Amma fom ɗinmu bai ba da zaɓi ba, ƙasansa akwai layin tantancewa da ke cire dekuber daga kuɗin hannu. In Rabi ta kai 2 ɗakin bashi, ZH zai ba ta 5, layin tantancewa ya ce 3.

Hadiza: Mu dai a wurinmu muna duba kwana nawa asusu ya yi a ƙasa da sifiri, ko ina aka rubuta shi.

Rabi: Na nuna wa maigida da yamma. Ya daɗe yana kallon 2 ɗin, sai ya ce to miliyan 5 da aka ƙara bin mutane su wane ne. Da na buɗe kwant 411 na masu saye, uku da rabi na mutum guda ne, wani dillali da ke kai kaya ta Magarya, tun watan Maris bai biya ko dala ba. Maigida ya ce amininsa ne, zai biya bayan salla. Malam, in rage darajar bashin kamar yadda aka yi wa waken, ko in bar shi?

Malam Yusufu: Ko kin rage ko ba ki rage ba, ZB yana nan a 2, domin riba za ta sauka, bashin ma ya sauka daidai da ita. Abin da zai canza 11 ce, da FA, da lanfo in masu lanfo sun karɓi ragin. Wannan kuwa ba ke kaɗai za ki yanke ba. An riga an ajiye bilan ɗin 2024 a wurin lanfo, ko tukuna?

Rabi: Tukuna, Malam. Mai duba mana lissafi zai zo ranar Litinin. Zan sa masa maganar 401 da ta dillalin Magarya a gaba tare.

Hadiza: In za ki kawo tablon, haɗo da takardar ƙirgar magaza, buhu nawa na bana, nawa na bara. Ni da Malam Sani muna jira.